Gobara ba ta sallama

Bari in ba ku labarin wani saurayi mai shagon atamfa a Tasawa. Wani dare cikin hunturu wayar lantarki ta yi tartsatsi, kafin asuba kayan miliyan 4 na sefa sun zama toka. Ba shi da inshora, wato asiransi. 'Yan jaje suka tara masa jika 200, ga bashin babban ɗan kasuwa a Maradi yana jiransa.

Ya tafi Mayahi wajen kawunsa, tsohon ma'aikacin inshora, ya ce: "Kawu, in na sake buɗewa zan yi inshora. Amma in kayan sun kai miliyan 4, miliyan 2 zan faɗa, kuɗin shekara ya yi sauƙi."

Kawu ya girgiza kai. "Ɗana, nan mutane ke faɗawa rami. In ka faɗi rabin kaya, rabin asara za a biya ka. Wuta ta ci na miliyan 1, jika 500 za ka karɓa, sauran a wuyanka."

Ya ƙara da cewa a dokar CIMA, wadda Nijar ke bi, sai ka biya kuɗin inshora take fara aiki. In gobara ta tashi, sanar da kamfanin cikin kwana 5 na aiki, kuma za su nemi shaidar abin da ya ƙone.

Saurayin ya yi shiru: rasidansa duk a shagon suka ƙone. Yanzu kowane rasidi sai ya ɗauki hotonsa a waya. Kai fa, ina naka suke kwana?