Mutum Ɗaya, Suna Uku a Littafin Ciniki



Mu ɗauka wani kanti yana ba manoma taki bashi, kuma an shigar da abokan cinikinsa cikin kwamfuta. A layi ɗaya an rubuta Muhammadu Sani, a wani Mohammed Sani, a na uku kuma Alh. Sani Mamman. Idan mutum ɗaya ne, to, bashinsa ya rabu gida uku, ba kuwa wanda ya san jimlarsa.

Da lambar waya za mu fara, domin ta fi suna tsayawa wuri ɗaya. Lambar salula a Nijeriya alƙaluma 11 ce idan ta fara da sifiri, kamar 0803. Wani akawun zai rubuta +234 803, wani ya bar fili a tsakani, Excel kuma takan jefar da sifirin farko idan ta ɗauki lambar a matsayin adadi. Maganin wannan shi ne mu share fili da kowace alama, mu riƙe alƙaluma 10 na ƙarshe kawai. Layukan da suka zo daidai sai mu tara su wuri guda.

Daga nan sai suna. Mu cire laƙabi irin su Alhaji, Malam da Hajiya, mu kuma daina kula da wanda ya zo gaba, sunan mutum ko na mahaifinsa. Akwai dabarar ƙirga haruffan da suka bambanta tsakanin suna biyu, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Harafi ɗaya ne ya raba Hasan da Hassan, kuma suna ɗaya ne; harafi ɗaya ne kuma ya raba Hassan da Hassana, alhali wannan namiji ne, waccan mace. Mamman da Muhammadu kuwa sun yi nisa a rubuce. Saboda haka wajibi ne mu tsara jerin sunayen da ke maye gurbin juna, kamar Habu da Garba a madadin Abubakar.

Ko lamba ta zo ɗaya, kada mu yi gaggawa. Gida guda kan yi amfani da waya ɗaya, kamfanonin waya kuma sukan sake sayar da layin da aka daɗe ba a taɓa ba. Inda lamba da suna suka dace, mu haɗa. Inda ɗaya kaɗai ya dace, mu duba unguwa, ko a kira mutumin a tambaye shi.

Wajen haɗawa, mu zaɓi layi ɗaya ya zama uwa, mu mayar da cinikin sauran ƙarƙashinsa, mu ajiye su da alama, kada mu goge. In an yi kuskure, ta nan za a warware. Barin mutum da layi biyu ɗan wahala ne ga akawu, amma haɗa mutum biyu ɗora wa wani bashin da bai ci ba ne.