Sunan Gida Ɗaya, 'Ya'ya Huɗu



An nemi in yi magana kan raɗa wa sabon lemon 'ya'yan itace suna. Shawarata ita ce a fara da sunan gida, wato kalma ɗaya gajera da ba ta ambaci kowane ɗan itace ba. Wanda ya sa "Sarkin Mangwaro" ya ɗaure kansa, domin ranar da ya fito da na abarba sunan zai ƙaryata kwalbar.

Mu ɗauka mun zaɓi Korama. Sai mu jera Korama Mangwaro, Korama Abarba, Korama Gwaiba, Korama Tsamiya. Kada na biyar ya zama "Korama Farin Ciki", don mai saye bai san abin da ke ciki ba. In gauraye ne, a fara ambaton wanda ya fi yawa.

A guji harafi mai lanƙwasa. Raɓa suna ne mai daɗi, amma maɗaba'a na iya mayar da shi Raba.

Kafin a buga takardar kwalba, a aiki yaro kanti da sunan a baki. In ya dawo da wanda aka ce, suna ya zauna.