Gyaran Gida Domin Mai Keken Guragu: Jawabin Da Wani Birkila Ya Gabatar A Taron Ƙungiya A Agege

 

An nemi in yi bayani a kan yadda za a gyara gida da kuɗi kaɗan domin wanda ke amfani da keken guragu. Ni ba lauya ba ne, birkila ne, don haka zan ɗauki aiki guda da na yi da hannuna a nan Agege in bi shi daki-daki. Wani ɗan'uwanmu ne ɗan acaba, mota ta buge shi, ƙafafunsa suka daina aiki. Jama'a suka yi karo-karo aka saya masa keke, kowa ya ce alhamdu lillahi an gama. Da na je duba shi sai na tarar ya yi wata biyar bai ga titi ba in ba ranar asibiti ba, ita ma sai an nemo ƙarti biyu sun ciccibe shi. Keken yana jingine a soro, domin matakala biyu ce a ƙofar gida, ƙofar makewayi kuma ta yi masa kaɗan.

Kafin mu taɓa siminti sai da muka fara da takarda, domin yawancinmu a nan haya muke yi. Wasu na cewa ai akwai dokar naƙasassu, dole mai gida ya gyara. A yi hattara da wannan magana. Gaskiya ne Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairun 2019, kuma ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara, wanda ya cika a 2024. Amma wannan magana ce ta ofisoshi da asibitoci da makamantansu. Ɗakin da ka kama haya, kada ka jira wani ya zo ya gina maka gangare. Abin da ya fi shafarmu shi ne dokar haya ta Jihar Legas ta 2011. Ta hana ɗan haya ya canza ginin gida sai da izinin mai gida a rubuce. Ta kuma tanadi cewa idan ka yi gyara da wannan rubutaccen izini, daga baya mai gida ya tashe ka, kana iya neman diyyar gyaran da ba ka gama cin moriyarsa ba. To, kun ga “Baba ya ce ba komai” ba hujja ba ce. Mu mun rubuta abubuwa uku da za mu yi, mai gida ya sa hannu, sakataren ƙungiya ya zama shaida, muka kuma adana rasit ɗin kowane buhun siminti. Ejan ko mai kula da gida kada a tsaya a kan bakinsa, a nemi hannun mai gidan kansa.

Sai maganar gangare, wato hanyar da keke zai hau a maimakon matakala. A nan ne aka fi yin ɓarnar kuɗi. Birkila zai zo ya shafe matakala da siminti kamar yadda ake yi wa babur, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Babur yana da inji, shi kuwa mai keke hannuwansa ne injinsa. Ƙa'idar da ake bi ita ce: duk inci ɗaya na tsayi, a ba shi ƙafa ɗaya ta tsawo. A gidan da nake ba ku labari, matakala biyu ce, kowace inci bakwai, jimla inci 14. Ke nan gangaren yana bukatar tsawon ƙafa 14. Da na faɗi haka sai wani maƙwabci ya yi dariya, ya ce ko titin jirgin sama zan gina. Amma duk wanda ya taɓa tura babban mutum a kan gajeren gangare ya san abin da nake nufi. Wajen hawa ƙananan ƙafafun gaba suna ɗagawa, keken ya nemi kifewa ta baya. Wajen sauka kuma ya ƙwace wa mai riƙo.

Matsalar ita ce daga ƙofar gidan zuwa kwata ƙafa shida ne kacal, bayan kwata kuma titi. Ba mu da ƙafa 14 a gaba, kuma ba za mu toshe kwata ba, domin ruwan Legas zai dawo mana cikin ɗaki, ga kuma rigima da maƙwabta. Sai muka kwantar da gangaren a jikin bangon gidan. A bakin ƙofa muka yi dandamali shimfiɗaɗɗe, ƙafa biyar a kan ƙafa biyar, daidai da tsayin daɓen cikin gida, daga nan gangaren ya bi gefen bango ya sauka. Wannan dandamali ba ado ba ne. A nan ne mai keke zai tsaya ya saki taya ya buɗe ƙofa, a nan ne kuma zai juya. Idan gangare ya ƙare a jikin ƙyaure kai tsaye, da ya miƙa hannu zai buɗe, sai ya ga kansa yana komawa da baya.

Faɗinsa mun ba shi ƙafa uku da rabi, kada dai ya gaza uku. Gefen da ke kallon kwata muka ɗaga masa baki kamar inci uku don kada taya ta zame ta faɗa, muka kuma kafa ƙarfen riƙewa. Ciki mun cika shi da jar ƙasa da fasassun bulo, muka daddaɓe sosai, sannan muka zuba kankare mai kaurin inci uku: kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Duka da dandamalin buhu biyar ya ci. Tun kankaren yana ɗanye muka ja tsintsiya a kansa ta gicciye don ya yi kaushi, muka yi ta ba shi ruwa har kwana bakwai kafin a hau. Matar gidan ta so a sa tayil don ya yi kyau, na ƙi. A garin da ake ruwa wata da watanni, tayil da daɓe mai sulɓi tarko ne, musamman idan gansakuka ta kama. Ga wanda mai gidansa ya ƙi yarda da siminti, kafinta zai iya yin na katako mai kauri da za a ɗauke ranar tashi, da wannan lissafin dai, amma a riƙa duba ƙasansa saboda ruɓa da gara.

Yanzu ƙofofi. Keken manya da aka fi samu a kasuwa faɗinsa yana tsakanin inci 25 da 27, amma kowa ya sa tef ya auna nasa daga waje zuwa waje. Sai a tuna hannuwan mai keken suna kan zoben taya, su ma suna son wuri, shi ya sa ake neman sararin inci 32. Kuskuren da ake yi shi ne a auna firam. A'a, a wangale ƙyauren a auna ainihin sararin da ya rage, domin kaurin ƙyaure yana cin kusan inci biyu. Ƙofar ɗakinsa mai ƙafa uku ce, ta wadatar, sai dai dokin ƙofa mai inci biyu da muka fasa muka shafe. Ta makewayi ce mai ƙafa biyu da rabi, kuma ciki take buɗewa. Da farko mun cire ƙyauren mun rataya labule mai kauri don mu gwada, keken ya shiga da ƙyar yana goge masa yatsu. Da yake gidan na mutane da yawa ne, labule ma ba sutura ba ce. Dole muka faɗaɗa.

A nan ina jan kunnen 'yan'uwa: kada wani ya ɗauki guduma ya fara fasa gefen ƙofa. A saman kowace ƙofa akwai linta, ita ke ɗauke da nauyin bulon da ke sama, kuma kan bangon hagu da dama take zaune. Idan ka fasa inda take zaune, ka cire mata kujera. A fara kankare filasta a ga iyakarta. Tamu gajeriya ce, sai da muka tokare sama muka zuba sabuwa wadda ta hau bango inci shida ko fiye ta kowane gefe. Muka kuma juya ƙyauren yana buɗewa waje. Dalili shi ne, in Allah ya kiyaye mutum ya faɗi a ciki, jikinsa zai danne ƙofar da ke buɗewa ciki, masu ceto su rasa hanya.

Na ƙarshe shi ne ƙarfen riƙewa a makewayi. Ba sai an sayi na kanti mai tsada ba. Mai walda ya yanka mana bututun ruwa na ƙarfe wanda ba ya saurin tsatsa, mai inci ɗaya da kwata, ya lanƙwasa bakunan ya yi musu faranti. Kauri ke nan da hannu ke iya zagayewa. Ana barin kamar inci ɗaya da rabi tsakaninsa da bango: yatsu su shiga, amma damtse kada ya zurma. Littattafan gini suna sa shi tsakanin inci 33 da 36 daga ƙasa, ni kuwa sai da na zaunar da shi na ce ya nuna mini inda hannunsa ke kaiwa, na yi alama da alli. Da yake masan na tsuguno ne, mun ɗora masa kujera mai rami wadda tsayinta ya zo daidai da mazaunin kekensa, don ya zame daga wannan zuwa waccan ba tare da hawa ko sauka ba. Buta ma mun yi mata ɗan gurbi a bango inda zai ɗauka bai sunkuya ba.

Wajen kafa ƙarfen nan ni kaina na yi kuskure, kuma gara in faɗa. Na huda bango na sa 'yan robobin nan da ake ɗaura kusa a ciki, na jijjiga da hannu na ji daram. Bayan sati uku yaronsa ya zo ya ce ƙarfen yana motsi. Bulonmu holoƙo ne, ciki ba komai, ga ƙarancin siminti, shi kuwa wannan ƙarfe nauyin mutum sukutum yake ɗauka sau da yawa a rana. Na koma na huda bangon har ya ɓulla ta baya, na zura dogon ƙarfe mai noti, na sa faranti a bayan bangon na ɗaure. Inda ba a iya kaiwa bayan bango, sai a fasa ramin bulon a cika shi da kankare a dasa ƙarfen a ciki. Gwajin kuwa ba jijjigawa da hannu ba ne, a sami ƙato ya rataya da dukan nauyinsa. Alamar da za ku riƙa dubawa ita ce garin siminti a ƙasan ƙarfen ko tsaga a kewayen farantin. Da an ga haka a daina amfani da shi har a gyara. Ƙarfen rataya tawul da bututun famfo kuma, a gaya wa mara lafiya kada ya kuskura ya dafa su.

Duk wanda ke da irin wannan lalura a gidansa, ya kawo wa sakatare awo uku kafin taro mai zuwa: tsayin matakala, sararin ƙofar makewayi, da faɗin keken. Ni da 'yan'uwana masu sana'a za mu zauna mu fitar masa da lissafin kayan aiki, sakatare kuma ya taya shi rubuta takardar neman izinin mai gida.