Yadda Ake Shirya Darasin Taimakon Gaggawa Domin 'Yan Agaji: Misali Daga Shabu



Maganar da zan yi a yau ta shafi yadda ake tsara darasin taimakon gaggawa domin 'yan agajin gari. Abin da nake so ku riƙe guda ɗaya ne. Ba daga littafi ake fara irin wannan darasi ba. Daga haɗarin da ya saba aukuwa a garin ake farawa, a mayar da shi wasan gwaji, sa'an nan a fitar da gajeren jerin matakai wanda za a auna kowane ɗalibi da shi. Zan ɗauki garin Shabu, wanda ke arewa da Lafiya a Jihar Nasarawa, ya zama misali, amma hanyar za ta yi amfani a kowane gari.

Zaɓen haɗurran da za a koyar

Kafin mai shirya darasi ya rubuta ko da layi ɗaya, sai ya yi tambaya a wurare uku. Ya duba littafin ƙaramin asibitin gari ya ga irin raunukan da aka kawo cikin shekara guda. Ya zauna da 'yan acaɓa da direbobi, domin su ne kan fara isa wurin haɗari. Ya kuma ji ta bakin masu unguwa da matan gida, saboda akwai raunukan da ba a kai su asibiti ko kaɗan.

Shabu tana bakin babbar hanyar da ta tashi daga Lafiya zuwa Akwanga, inda manyan motoci da babura ke haɗuwa dare da rana. A bayan gari kuma akwai gonakin doya da rogo, inda manomi kan sa hannu cikin ciyawa ko ya taka ƙasa ba takalmi. Saboda haka darasin Shabu ba zai rasa abu biyu ba, wato haɗarin hanya mai zubar da jini, da saran maciji. Kada a wuce haɗari uku ko huɗu a zama ɗaya. Wanda aka koya wa abu goma sha biyar a yini guda, ranar da abin ya faru ba zai tuna ko ɗaya ba.

Takardu uku na kowane gwaji

Kowane gwaji yana bukatar takarda uku. Ta farko ta wanda zai fito a matsayin majinyaci ce, tana gaya masa abin da zai yi da lokacin da zai yi shi. Ta biyu ita ce jerin matakai, wadda ɗan agaji zai haddace ya kuma sa a aljihu. Ta uku ta mai dubawa ce, wanda zai tsaya gefe da agogo, bai ce uffan ba, yana sa alama a gaban kowane mataki: an yi, ko ba a yi ba.

Ga yadda za a rubuta ta farko. Wuri: bakin hanya a Shabu, ranar kasuwa, bayan la'asar. Mota ta buge babur. Ɗan acaɓa yana zaune a ƙasa, jini na tsartuwa daga cinyarsa, yana ihu. Fasinjansa yana kwance gefe guda, ba ya motsi, ba ya magana, amma yana numfashi. An kuma sa mutum uku su zama taron jama'a. Ɗaya yana son a ɗaga fasinjan a tura shi cikin mota nan take, ɗaya ya kawo ruwa zai ba mai jini, ɗaya kuma ya debo ƙasa zai zuba a kan ciwon.

Waɗannan mutum uku su ne gishirin gwajin. A cikin aji kowa ya san ba a zuba ƙasa a ciwo. A bakin hanya kuwa dattijo ne zai zo da ita, kuma sai ɗan agaji ya iya cewa, "Baba, don Allah a dakata, ga leda, taya ni danna nan." A bar masu wasan su yi hayaniya da harshen da mutane ke yi da gaske, ko Hausa ne, ko Gwandara, ko Egon. Jini kuma a haɗa shi da ruwan zoɓo da ɗan sitaci. Kafin a fara, a auna rabin lita a zuba a ƙasa kowa ya gani. Jinin jikin babban mutum bai fi kimanin lita 5 ba, don haka ya kamata idon ɗan agaji ya san yadda rabin lita take idan ta malala.

Jerin matakai

Ƙa'idar rubuta shi ita ce kowane layi ya zama aiki ɗaya da ido zai iya gani. Idan an rubuta "ya kula da majinyaci sosai", mai dubawa ba shi da abin da zai auna. Ga jerin da ya dace da wannan gwaji:

1. Sa mutum biyu su tsayar da motoci daga kowane ɓangare kafin ka shiga hanya.
2. Nuna mutum ɗaya da hannu, ka ce ya kira 122 ko 112, ya kuma nemo mota.
3. Sa safar hannu, in babu, sa leda mai tsabta.
4. Danne wurin jini da tsumma mai tsabta da ƙarfi, minti 10 ba ɗagawa.
5. In tsumman ya jiƙe, ƙara wani a kansa, kada ka cire na farko.
6. Duba numfashin wanda ya yi shiru har tsawon daƙiƙa 10.
7. Riƙe kansa da wuyansa yadda ka same su, kada a ja shi.
8. Kada a ba su ruwa ko abinci. A lulluɓe su, a rubuta lokaci.

Lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ce, wadda aka kafa a 1988, 112 kuma ita ce lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya. Amma kira ba ya shiga a ko'ina, saboda haka a bayan katin a rubuta lambobin direbobi biyu na gari waɗanda suka yarda a tashe su ko da tsakar dare.

Za ku lura cewa majinyata biyu ne, hannun ɗan agaji kuwa ba zai isa duka ba. Da gangan aka yi haka. Wanda ya iya aikin zai ɗora hannun ɗan kallo a kan tsumma, ya nuna masa ƙarfin da zai danna, shi kuma ya juya ga wanda ya yi shiru. Mai ihu dai an san yana numfashi. Wanda ya yi shiru shi ne ba a sani ba sai an duba.

Yadda ake gane kuskure

Kurakurai uku ne suka fi yawa, kuma agogon mai dubawa zai kama su. Na farko, jinkiri: idan minti ɗaya ya wuce ba a danne ciwon ba, ɗalibi ya faɗi, ko da ya yi sauran daidai. Na biyu, leƙe, wato ɗaga tsumma a ga ko jinin ya tsaya, abin da ke warware daskarewar da ta fara. Na uku, mantawa da majinyaci bayan an ɗaure ciwo. Domin a gwada wannan, takardar mai wasa ta ce a minti na 5 ya fara cewa yana jin ƙishirwa da sanyi, maganarsa ta soma rikicewa. Wannan alama ce ta jini ya ragu ƙwarai a jiki, kuma tafiya asibiti ba ta jiran komai.

Idan jinin hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa duk da dannawa, sai a ɗaure gaɓar da ƙyalle mai faɗin yatsa uku, kimanin santimita 5 zuwa 7 sama da ciwon, ba a kan gwiwa ba, a murɗa da sanda har jinin ya tsaya. A rubuta lokacin, kada kuma a kwance sai a asibiti. Igiya ko siririyar robar taya ba su dace ba, domin yanka nama suke yi.

Gwaji na biyu: saran maciji

Dalilin da ya sa ake sa wannan gwaji nan da nan bayan na farko shi ne ɗaurin da ya ceci ɗan acaɓa zai cuci manomi. Ɗalibin da ya haddace "a ɗaure" kawai zai yi ɓarna a nan.

A shirya shi haka: mace tana tonon doya, wani abu ya sare ta a idon sawu, gonar kuma da nisa daga hanya. Taron jama'a ya zo da reza da igiya da baƙin dutse. Jerin matakan gajere ne. A janye ta daga wurin, a kwantar mata da hankali. A cire zobe da munduwa da duk abin da ya matse kafin kumburi ya taso. A sa wa ƙafar tsinke da itace yadda ake yi wa karaya, ba tare da matsewa ba. A ɗauke ta, kada ta taka. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗauri, ba kuma ɓata lokaci wajen farautar macijin.

Kububuwa ita ce ta fi yin ɓarna a wannan yanki na tsakiyar ƙasa, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Shi ya sa tsaga da reza ke buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba. Mutum kan ji kamar ya samu sauƙi, sai bayan sa'o'i jini ya fara fita ta dasashi ko cikin fitsari. Saboda haka a rubuta wa mai wasan ta ce, "Na ji dama, ku mayar da ni gida." Ɗan agajin da ya yarda ya faɗi. A asibiti za a ɗebi jini kaɗan a sa cikin kwalbar gilashi mai tsabta har minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi. Ba kowane asibiti ne ke da ita kullum ba, don haka wajibi ne mai shirya darasi ya bincika inda take a Lafiya, ya rubuta a kati, ya riƙa sabunta bayanin.

Iyakar aikin ɗan agaji

A rubuta wannan da manyan baƙaƙe a ƙarshen kowane kati: ɗan agaji ba ya allura, ba ya ɗinki, ba ya gyaran ƙashi, ba ya ba da magani. Aikinsa ya riƙe rai har a isa hannun ma'aikatan lafiya. Idan ya isa, ya faɗi abu huɗu: abin da ya faru, ƙarfe nawa, abin da ya gani, da abin da ya yi. Ya kuma sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa.

A ƙarshe, kada aji ya wuce mutum 12, domin kowa ya samu sa hannunsa sau biyu aƙalla. A nemi ma'aikacin lafiya ya duba jerin matakan kafin a buga su. A sa mata cikin kowane aji, saboda akwai gidajen da namiji ba zai shiga ba. Bayan wata 3 a sake tara su, a canja wuri da lokaci, a mayar da haɗarin ya zama da dare da tocila. Matakin da yawancin ɗalibai suka tsallake, ba su ne da laifi ba. Layin ne bai fito sosai ba, sai a sake rubuta shi a sake gwadawa.

 Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa mu gama lafiya.