Takardu Uku Kafin Biyan Ɗan Kwangila: Misali Daga Ƙasar Yawuri

Gabatarwa



Wannan lacca za ta yi magana ne a kan wani ɗan aiki da ake yi a ofishin ma'aji kafin kuɗin hukuma su fita zuwa hannun wanda ya kawo mata kaya. Aikin shi ne a ɗauko takardu uku a jera su, a gwada su da juna. Ta farko ita ce takardar oda, wadda hukuma ta rubuta ta ce ga abin da take so, ga yawansa, ga farashinsa. Ta biyu ita ce takardar karɓar kaya, wadda mai kula da sito yake cikawa bayan ya ƙirga abin da aka sauke. Ta uku kuwa ita ce takardar neman biya, wadda ɗan kwangila yake aikowa. Manufar laccar ita ce a nuna cewa kowace daga cikinsu da tambayar da take amsawa, kuma ba su da wani amfani sai sun fito daga hannu uku dabam-dabam.

Abin da kowace takarda take shaida

Takardar oda alkawari ce. Tun kafin kaya su baro inda suke an riga an rubuta ta, an sa mata lamba, jami'in da aka ba ikon kashe kuɗi ya sa hannu. Saboda haka ita ce mai maganar ƙarshe a kan farashi, da irin kayan, da wurin da za a kai su, da wanda zai biya kuɗin mota.

Takardar karɓar kaya shaida ce. A cikin takardun nan uku ita kaɗai ce wanda ya rubuta ta ya ga kayan da idonsa, ya taɓa su da hannunsa. Don haka ita ce mai maganar ƙarshe a kan yawan kaya da lafiyarsu.

Takardar neman biya kuwa iƙirari ne kawai. Wanda zai amfana da kuɗin shi ya rubuta ta, don haka ba ta tabbatar da kome da kanta. Ƙa'idar da ke fita daga nan gajeriya ce: a ɗauki farashi daga takardar oda, a ɗauki adadi daga takardar karɓa, a lissafa, sa'an nan a duba ko abin da ɗan kwangila ya nema ya yi daidai da abin da lissafi ya bayar.

Akwai wata takarda ta huɗu da take yawan ruɗar sababbin ma'aikata, wato wadda direba yake tahowa da ita tare da kaya. Wannan daga hannun mai kaya ta fito, tana faɗin abin da ya ce an loda ne. Ba ta maye gurbin ƙidayar mai sito, kuma wanda ya kwafe adadin da ke cikinta ya zuba a takardar karɓa bai karɓi kaya ba tukuna.

Misali da buhunan siminti

A ƙaddara wata ma'aikata a ƙasar Yawuri tana son gina ɗakin shan magani a wani ƙauye na bakin tafkin Kainji. Ta ba da oda a kawo mata buhun siminti 400, mai nauyin kilo 50 kowane, a kan naira 10,000 buhu, kuma odar ta ce farashin ya haɗa da kawowa har sito a Yelwa. Alƙaluman na misali ne. Kuɗin oda ke nan naira 4,000,000.

Mota ta iso cikin damina. Takardar direba ta ce buhu 400. Da mai sito ya tsaya aka sauke ana jerawa goma-goma, sai ya sami 380. A cikin waɗannan kuma ya ware 15 da ruwan sama ya taɓa a hanya har suka sandare, ya ƙi karɓarsu. Ya rubuta 365 a takardar karɓa, ya bayyana dalilin ragowar, direba ya sa hannu a kai.

Bayan mako guda takardar neman biya ta iso teburin akawu. An rubuta buhu 400 a kan naira 10,500, wato naira 4,200,000, an ƙara naira 150,000 kuɗin mota, ya zama 4,350,000. A kan wannan aka ɗora harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda yake haka tun shekarar 2020, wato naira 326,250. Jimlar abin da ake nema naira 4,676,250.

To, akawun da ya san aikinsa ba da jimla yake farawa ba. Da farko yakan duba ko lambar odar da aka ambata ita ce ta gabansa, ko sunan ɗan kwangila da asusunsa na banki su ne waɗanda aka sani. Yakan kuma duba kwanakin wata: oda ta riga karɓa, karɓa ta riga neman biya. Odar da aka rubuta bayan kaya sun iso alama ce an yi ciniki da baki, aka zo daga baya ana nema masa takarda.

Daga nan sai ya bi layi-layi, ya sami saɓani uku. Na ɗaya adadi: ana neman kuɗin buhu 35 da ba su shiga sito ba, naira 350,000. Na biyu farashi: an ƙara naira 500 a kowane buhu, wato naira 200,000 a kan buhu 400. Na uku kuɗin mota, naira 150,000, alhali oda ta ce yana cikin farashi. Ukun nan sun tashi naira 700,000, harajin da aka ɗora a kansu kuma 52,500.

Abin da ya halatta a biya shi ne buhu 365 a kan naira 10,000, wato 3,650,000, da harajinsa 273,750, jimla 3,923,750. Tsakanin wannan da abin da aka nema akwai naira 752,500, kuɗin da za su sayi buhu 70 har da harajinsu.

Abin da akawu zai yi, da wanda ba zai yi ba

Ba aikin akawu ba ne ya soke alƙaluman ɗan kwangila da biro ya rubuta nasa a kai. Takardar ba tasa ba ce, kuma takarda mai kankara ita ce abin da odita yake fara tuhuma. Sai ya dakatar da biya, ya rubuta saɓanin, a mayar wa mai ita ya kawo gyararriya, ko ya kawo takardar rage naira 752,500 ɗin.

Ba lalle ne kowane saɓani ya zama ha'inci ba. Mai yiwuwa ne farashin siminti ya tashi da gaske tsakanin ranar oda da ranar lodi. In haka ne, hanyar ɗan kwangila ita ce ya nemi wanda ya sa hannu a oda ya gyara ta a rubuce, ba ya ƙara a takardarsa ba yana fatan ba za a lura ba. Akawu ba shi da ikon yarda da sabon farashi, ko da ya san gaskiya ne, domin ba shi ya ƙulla cinikin ba.

Saura buhu 35 ɗin nan, kuma a nan ne aka fi yin asara. In ɗan kwangila ya ciko su daga baya, za a buɗe musu sabuwar takardar karɓa mai lambarta. Sau da yawa takardar neman biya ta biyu takan zo ɗauke da adadin oda gaba ɗaya, buhu 400, ko kuwa a sake turo kwafin ta farko. Wanda ya gwada ta da oda kaɗai zai ga sun dace, ya biya sau biyu. Maganinsa shi ne a riƙa rubuta wa kowace oda abin da aka karɓa, da abin da aka biya, da abin da ya rage, a kuma buga hatimin "an biya" a kan duk takardun da aka haɗa da baucar biya, don kada a sake amfani da su.

Inda takardu suke gazawa

Tsarin nan yana da iyaka, kuma yanayin ƙasar Yawuri yana fito da iyakar fili. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya mamaye tsofaffin ƙauyuka, aka sake wa dubban mutane matsuguni a gefen tafki. Har yanzu akwai garuruwa da tungaye a Yawuri da Ngaski da Shanga waɗanda kai musu kaya sai da kwale-kwale, ko ta hanyar da ba ta biyuwa da damina. Babu mai hankalin da zai sauke siminti a Yelwa, ya sake loda shi, in da halin a wuce da shi wurin aiki kai tsaye. Sai ya zamana kaya suna can, mai sito yana nan, aka kawo masa takarda aka ce ya sa hannu.

In ya sa, takardu uku za su dace da juna har kwabo, amma biyu daga cikinsu bakin mutum ɗaya ne, domin adadin da ke takardar karɓa daga takardar direba aka kwafo shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abin da ya kamata shi ne tun a oda a ambaci wurin saukewa, a kuma naɗa wanda zai ƙirga a can, kamar jami'in ayyuka, ko shugaban makaranta, ko mai kula da ɗakin magani, ya sa hannu da sunansa da kwanan wata. In za a canja kaya daga mota zuwa jirgin ruwa, sai oda ta fayyace a wane gaɓa hukuma take karɓa, domin buhun da ya jiƙe a tsakiyar tafki dole a san asarar wane ne.

Haka kuma a ƙaramin ofis akan tarar mutum ɗaya shi ne mai rubuta oda, shi ne mai karɓa, shi ne mai shirya bauca. A nan an yi takardu uku, amma shaida ɗaya ce. Manyan kamfanonin duniya yau na'ura ce take gwada musu takardun, ta tsayar da biya in saɓani ya wuce iyakar da aka gindaya mata. Amma na'ura abin da aka shigar mata take gwadawa. In wanda ya shigar da 400 bai ƙirga ba, ita ma za ta yarda da 400.

Kammalawa

Mai son ya gane ko tsarin yana aiki a wani ofis, ya ɗauki baucoci goma da aka biya ya duba abu uku. Shin hannun da ke kan oda dabam yake da wanda ke kan takardar karɓa? Shin an taɓa samun takardar karɓa da ta nuna ƙasa da abin da oda ta ce? Shin abin da aka ce an karɓa ya shiga littafin sito, an kuma ga inda ya fita? Siton da ya shekara yana karɓar siminti rani da damina bai taɓa rubuta buhu ɗaya da ya ɓace ko ya sandare ba, ya cancanci odita ya je ya ƙirga da kansa.

A misalin da aka kawo, magini zai tarar da gibin buhu 35 ko an rubuta ko ba a rubuta ba. In an rubuta, kuɗinsu suna nan a baitulmali, za a ciko. In ba a rubuta ba, ɗayan biyu ne: ko ginin ya tsaya, ko a ƙara yashi a rage siminti, mutanen ƙauye su karɓi ɗakin da bangonsa zai tsage kafin damina ta biyu.