Baƙar Fata da Kasuwar Aure: Wa Ke Sayen Farin?

Minti talatin aka ba ni, don haka ba zan ɓata lokaci wajen tarihin Turawan mulkin mallaka ko cinikin bayi ba, kowa a zauren nan ya san su.

Zan fara da adadin da ya gundure ni. Duk taron da aka yi kan bilicin sai wani ya miƙe ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna shafa man ƙara haske. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta yaɗa adadin a wata takarda ta 2011, inda ta jera mu a kan gaba, Togo na biye da kashi 59, Afirka ta Kudu 35, Senegal 27, Mali 25. Hukumar NAFDAC ma shi ta ɗauko a Kano cikin Fabrairun 2023, lokacin da ta ce matsalar ta kai matakin dokar ta-ɓaci. To, daga ina ya fito? Daga binciken da aka buga a 2002 kan 'yan kasuwa 450 a Legas, kuma akwai maza a cikin masu shafawar. 'Yan kasuwa ɗari huɗu da hamsin, a gari guda, fiye da shekara ashirin da suka wuce, su ne muke kira matan Nijeriya. Ban ce mai binciken ya yi kuskure ba. Ya auna abin da ya je aunawa, mu ne muka ɗora wa jakinsa kayan raƙumi.

Abin da ya fi damuna da adadin nan shi ne inda yake karkata hankalinmu. Yana ƙirga masu shafawa, ba ya ƙirga masu nema. Da zarar an ambace shi, sai zance ya koma kan 'yan mata: jahilcinsu, kwaikwayonsu, rashin godiyarsu ga Allah. Ba a ƙirga uwar da ta ce wa ɗanta ya nemo mata fara don jikokinta su fito da haske ba. Ba a ƙirga saurayin da ya zuba mayukan bilicin cikin akwatin lefe ba, ko mai kantin da ya ce a turo masa yarinya "mai kyan gani" ta zauna gaban kaya, kuma kowa ya gane nufinsa. Abokan aikina na fannin lafiya suna cewa maganin abin wayar da kai ne. Yarinyar da nake gani a ɗakin duba marasa lafiya ta san man yana da illa, ta ga abin da ya yi wa yayarta. Lissafi ta yi, ta ga kasuwar da take ciki.

Ku saurari bakinmu. Mu ne muke cewa farar mace alkyabbar mata. Mu ne muke cewa fara ko mayya ce. Idan aka haihu, 'yan barka sukan duba kunnen jaririya da gefen farcenta don su gane launin da za ta tsaya a kai. Idan za a yabi baƙa kuwa, sai a ce baƙa ce amma kyakkyawa ce. Wannan "amma" ɗin yarinya tana jin ta tun kafin ta shiga firamare.

Ga yadda abin yake tafiya. Wata yarinya 'yar shekara goma sha tara ta zo wurina da mahaifiyarta. Shekara biyu kafin nan an sa ranarta, saura wata uku biki, sai wata gwaggon ango ta ce a gyara amarya. Aka kai ta wurin mai haɗi, aka ba ta mai a roba marar suna, ta riƙa shafawa safe da dare daga fuska har ƙafa. Irin wannan haɗin yawanci abu uku ne a ciki. Akwai haidurokwinon, wanda ke hana fata yin melanin, sinadarin da ke ba ta duhu kuma yake kare ta daga rana. Akwai kulobetasol, magani mai ƙarfi da likita ke rubutawa don wasu cututtukan fata, na 'yan makonni kaɗan, kuma kada ya wuce giram 50 a mako. Wani lokaci kuma akwai makuri, wanda ke taɓa ƙoda da jijiyoyi, har ya kai ga ɗan da ke ciki.

Watannin farko ta yi haske, an yi biki, kowa ya yaba. Ta ci gaba, domin ranar da ta gwada dainawa fuskar ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, duhun ya dawo fiye da da. Wannan aikin kulobetasol ne, fata ta saba da shi. Lokacin da na gan ta, bayan shekara biyu, fatar hannunta ta yi siriri har jijiyoyi sun fito kore, nankarwa mai faɗi ta tsattsage mata cinya da hammata, makero ya bazu a jikinta, gaɓoɓin yatsunta kuwa baƙi wuluk a kan farin hannu. A kumatu an fara ganin tabo mai duhu kamar shuni, wanda dogon amfani da haidurokwinon ke haifarwa, kuma shi ne mafi wuyar magani. Ba a tsayar da irin wannan man rana ɗaya, domin idan an daɗe ana shafe jiki duka da shi, jiki yakan rage yin nasa sinadarin mai kama da kulobetasol, sai an janye a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Da na bayyana mata haka, tambaya ɗaya ta yi mini: "Likita, in na koma baƙa, ya zan yi da shi?" Tun da aka yi auren, mijin bai taɓa ganin launinta na asali ba.

Abin ya sauko kan yara. A Maris na 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin waɗannan mayuka har suka ƙone, saboda kakarsu ta fi son jikokinta masu haske.

Ana ce mini ai so ra'ayi ne, ba a tilasta wa mutum son baƙa. Na yarda. Amma ra'ayin da ya zo iri ɗaya a dubban gidaje koya shi aka yi. Ana kuma ce mini a hana shigo da man. Kwaddibuwa ta hana a 2015, Ghana ta bi a 2016, mu ma NAFDAC ta ƙayyade haidurokwinon kada ya wuce kashi biyu cikin ɗari. Ku shiga kasuwa gobe ku tambayi mai haɗi kashi nawa ya zuba.

Abin da nake nema na sha faɗarsa. Jami'o'inmu su daina aron adadin Legas, su yi namu, kuma a tambayi maza da surukai da masu ɗaukar aiki kamar yadda ake tambayar 'yan mata. A daina sayar da kulobetasol sai da takardar likita, a kuma hukunta mai kemis ɗin da ya saɓa. Masu shirya finafinan Kannywood su duba wa suke ba matsayin amarya, wa suke ba 'yar aiki. Malamanmu kuma, da suka san ayar Suratur Rum da ta sanya bambancin launuka cikin ayoyin Allah, su karanta ta ga maza ranar Juma'a, kada a bar ta ga wa'azin mata kaɗai.

Ku kuma iyaye mata da ke zaune a nan, lefe ta hannunku yake bi. Idan aka buɗe akwati kuka ga man nan, ku mayar wa masu shi.