Kada a haɗa haifo da wani ruwan wanke banɗaki



Yawancin gidajenmu akwai kwalabe biyu a bayan ƙofar banɗaki. Ɗaya ta bilic ce, wanda muka saba kira haifo ko jik. Ɗayar kuma ta ruwan nan ne mai kauri da ke cire tsatsa da dattin da ya kafe a masai. Idan masai ya yi baƙi ƙwarai, sai zuciya ta raya wa mai wanki cewa in ya zuba duka biyun aikin zai fi kyau. A nan haɗarin yake, kuma yana da kyau mu san dalilinsa.

Ƙarfin bilic daga sinadarin kulorin yake. Masu haɗa shi suna sa masa ɗan soda domin kulorin ɗin ya zauna ɗaure a cikin ruwa. Yawancin ruwan cire tsatsa kuwa asid ne, shi kuma asid yana kashe ƙarfin sodar nan take. Da zarar sun gamu, sai kulorin ya kuɓuce ya tashi a matsayin iska mai guba, irin wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a shekarar 1915. Ruwan kal da ruwan lemon tsami ma asid ne, ballantana ruwan batir da wasu ke wanke masai da shi.

Mu ɗauki misalin yarinyar da aka sa ta wanke banɗaki ranar Asabar. Ta zuba ruwan cire tsatsa, ta ga bai fita ba, ta ƙara haifo, ta rufe ƙofa, ta sunkuya tana gogewa. Iskar kulorin ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan sau biyu da rabi, saboda haka ƙasa take taruwa, daidai inda fuskar yarinyar take. In ta taɓa danshin ido da maƙogwaro da huhu, sai ta rikiɗe ta zama asid a wurin. Nan da nan ido zai fara raɗaɗi da hawaye, tari ya sarƙe ta, ƙirji ya ɗaure. Ƙanenta da ke rarrafe a bakin ƙofa ya fi ta shiga haɗari, haka ma mai ciwon asma.

Amoniya kuwa wata hanya take bi. Idan ta haɗu da bilic, iskar kuloramin ce ke tashi, ita ma tana ƙona ido da hanyar numfashi. Ana samun amoniya a wasu ruwan goge gilashi, amma inda ta fi kusa da mu shi ne tsohon fitsari, domin zarnin nan da ke hawa kai amoniya ce. Don haka kada a tsiyaya bilic a fo ɗin yara da ya kwana, ko a kwatar fitsarin makaranta, sai an fara kora wurin da ruwa mai yawa.

Ƙa'idarmu a gida ita ce bilic da ruwan sanyi kaɗai ake haɗa shi, domin ruwan zafi ma yana tayar da warinsa. In ana son amfani da kwalabe biyun, a yi da ɗaya, a ɗauraye sosai, a bar ɗayar sai gobe, ƙofa da taga kuma a buɗe. Ruwan wankin da ake sayarwa a gorar lemo ba tare da rubutu ba, mu ɗauke shi a matsayin wanda ba a haɗa shi da komai, tunda babu mai iya faɗa mana abin da ke ciki.

In kuma an riga an haɗa, a fice nan take, a fitar da yara, a bar ƙofa a buɗe. Kada a tsaya ceton bokiti, kada a dogara da takunkumin fuska ko jiƙaƙƙen ƙyalle, domin ba su tare wannan iska. A wanke ido da ruwa mai tsabta na minti 15, a canza tufafi. Manja da madara da muke saurin ɗura wa mutum ciki suke tafiya, ɓarnar kuwa a huhu take. Wanda tarinsa bai lafa ba, ko numfashinsa ke fita da ƙyar ko da ƙara, a kai shi asibiti tare da sunayen abubuwan da aka haɗa. Wanda ya ji sauƙi ma a sa masa ido har washegari, saboda ruwa kan iya taruwa a huhu bayan wasu sa'o'i.